Takardar duban mako: injin tura farashi da ƙararrawarsa

Ana yin wannan duba kowace Litinin da ƙarfe 8:00 na safe, bayan saƙon ƙarfe 7:00 ya fita. Minti arba'in ya isa idan komai lafiya. Mu huɗu ne, kowa da makonsa, kamar yadda yake a jadawalin da ke manne bayan ƙofar ofis. Wanda tafiya ko rashin lafiya ta kama ya faɗa a zaurenmu tun daren Lahadi a yi musanya. Kada a tsallake mako.

Abin da muke dubawa: injin da ke ɗaukar farashin masara, dawa, gero, wake da riɗi da wakilinmu yake shigarwa daga kasuwar Dawanau, ya tura shi Telegram da shafinmu na Facebook, ya kuma aika tes ga 'yan kasuwar da suka biya. Sai kuma ƙararrawar da ya kamata ta tashe mu idan injin ya tsaya.

1. Fara da idon mai karatu

Kada ka buɗe saba, wato kwamfutar da injin yake aiki a kanta, tukuna. Ɗauki wayarka, kashe waya-fai na ofis, kunna data, ka shiga tashar Telegram da shafin Facebook kamar yadda ɗan kasuwa a Kwanar Dawaki zai shiga.

☐ Saƙon yau ya fita a duka biyun, tsakanin 7:00 da 7:05.
☐ Ƙirga baya: saƙonni bakwai na kwana bakwai, babu gurbi, babu wanda ya fita sau biyu.
☐ Kwanan watan da ke kan saƙon na yau ne.
☐ Farashin ya motsa. Idan alƙaluma iri ɗaya ne kwana uku a jere, kira wakilin kasuwa ka tambaye shi da baki. Inji ba ya gane tsohon farashi, zai yi ta tura na ranar Alhamis har Lahadi, kuma ƙararrawa ba za ta ce uffan ba, domin a wajenta saƙo ya fita.
☐ Zaɓi kaya biyu ka gwada da abin da ke cikin takardar wakili. Kula da sifili. Sifili ɗaya ya faɗi daga farashin buhun wake, wani zai iya ɗaukar mota daga Maraɗi saboda shi.
☐ Haruffa masu lanƙwasa sun fita daidai: ƙ, ɗ, ɓ. Idan ka ga `Æ™` a inda ya kamata ƙ ta zauna, ko akwatuna da alamar tambaya, to wani ya adana fayil ba a tsarin UTF-8 ba. Rubuta a rajista, ka sanar da mai kula da saba.

2. Tes

Wayar gwaji tana cikin aljihun tebur, lambarta tana cikin jerin masu karɓa.

☐ Wayar tana da caji, tes na yau ya shigo.
☐ Tes ɗin guda ɗaya ne. A nan a tsaya a duba da kyau, domin nan kuɗi yake zurarewa ba a ji ba. Tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi ɗaya mai lanƙwasa ya shiga ciki, sai ya koma 70, saƙon da muke biya ɗaya ya zama uku. Shi ya sa a tes kaɗai injin yake miƙe haruffan, ya rubuta ridi a madadin riɗi. Idan ka ga ɗ a cikin tes, miƙewar ta lalace.
☐ Ragowar kuɗin tes zai kai kwana goma sha huɗu. In bai kai ba, gaya wa mai riƙe da kuɗi yau, kada a bari sai Juma'a.
☐ Idan wani ya yi kukan ba ya samun tes alhali rahoto ya nuna an aika, tambaye shi ko ya taɓa aika saƙon hana talla zuwa 2442.

3. Yanzu shiga saba

```
timedatectl
systemctl list-timers farashi.timer
systemctl --failed
df -h /
```

☐ Agogo yana kan `Africa/Lagos`. Idan ya koma UTC, saƙon ƙarfe bakwai zai fita ƙarfe takwas, kasuwa ta riga ta buɗe.
☐ Ƙarƙashin `LAST` akwai safiyar yau, ƙarƙashin `NEXT` akwai ta gobe.
☐ Babu aikin da ya faɗi.
☐ Rumbun ajiya bai haura kashi 80 cikin 100 ba. Hotunan katin farashi ne suka fi cika shi.

Sai rubutun da injin ya bari a makon:

```
journalctl -u farashi.service --since "7 days ago" | grep -iE "error|401|403|429"
```

☐ Idan babu layi ko ɗaya, wuce. Idan akwai, ga ma'anarsu a wajen Telegram: `401` makullin bot ya daina aiki, `403` an fitar da bot daga tashar ko an hana shi magana, `429` mun yi gaggawar turawa, a jira adadin daƙiƙun da ke cikin `retry_after`. Guda ɗaya ko biyu na `429` ba abin tashin hankali ba ne. Na `401` da `403` kuwa ba sa jiran gobe.
☐ Tsawon saƙo bai kusa iyaka ba. Telegram tana karɓar haruffa 4096 a saƙo, amma rubutun ƙarƙashin hoto 1024 kawai. Lokacin kaka, da kaya suka yi yawa a jeri, nan ne muke kusantar bango.

4. Makullai da abubuwa masu wa'adi

```
curl -s "https://api.telegram.org/bot$TG_TOKEN/getMe"
sudo certbot certificates
```

☐ Amsar farko ta fara da `"ok":true`.
☐ Satifiket ɗin shafi yana da sauran fiye da kwana 25. Na Let's Encrypt kwana 90 yake yi, certbot kuma yana sabunta shi idan saura 30, saboda haka in ka ga ƙasa da 25 sabuntawar ta tsaya. Gwada da `sudo certbot renew --dry-run`. Kada a jira wasiƙar tuni, Let's Encrypt sun daina aikawa tun watan Yuni na 2025.
☐ Makullin Facebook: saka shi a Access Token Debugger, ka ga yana raye, ka kwafe ranar ƙarewarsa in akwai. Na mutum mai dogon wa'adi kimanin kwana 60 yake yi. Tambayi sauran: akwai wanda ya canza kalmar sirrinsa a makon nan? Canzawar tana iya kashe makullin, sai a riƙa ganin kuskure mai lamba `190`.
☐ Kuɗin hayar saba da na sunan shafi: duba ranar biya, duba ko katin da ke kansu bai ƙare ba.

Kada a kwafi makulli zuwa zaure ko a ɗauki hoton allo yana ciki. Idan hakan ta faru, a faɗa nan take a sauya shi, babu faɗa a kai.

5. Taɓa ƙararrawa da hannunka

Wannan shi ne sashen da aka rubuta takardar domin sa, kuma shi ne wanda aka fi son tsallakewa idan ana sauri. Ina roƙonku kada ku tsallake.

Ku tuna abin da ya same mu a watan azumi. Mun sauya makullin bot da kanmu, muka manta ba mu saka sabon a saba ba. Injin ya daina turawa. Ƙararrawar kuma ta wannan bot ɗin take yi mana magana, sai ita ma bakinta ya rufe. Kwana uku muna ganin shiru muna cewa lafiya, har sai da wani dattijo mai sayen riɗi ya kira ya ce, "Yarana, ko kun daina ne?" Ya ce kullum bayan asuba yakan jira saƙon kafin ya yi wa yaransa umarnin saye. Tun ranar muka raba hanya: ƙararrawa tana da bot nata daban, tana da imel, kuma ba a sabarmu take zaune ba.

Yadda take aiki yanzu: duk lokacin da injin ya gama turawa, yana ƙwanƙwasa wa shafin sa ido na Healthchecks ƙofa. Idan lokaci ya yi ba a ƙwanƙwasa ba, aka ƙara minti 20 na uzuri, sai ta yi kuka. Manhajar gadi ta Uptime Kuma kuwa tana leƙa shafin farashi duk bayan minti biyar.

☐ Rubuta a zaure: "Zan gwada ƙararrawa yanzu." Sannan:

```
curl -fsS "$HC_URL/fail"
```

☐ Saƙon ya shigo Telegram da imel cikin minti biyu. Duba har akwatin tarkace na imel.
☐ Kowa cikin mu huɗu ya amsa da "na gani". Ba a cike wannan akwati da zato. Wanda bai amsa ba a kira shi, a tambaye shi ko wayar ta yi ƙara. Sau da yawa saƙon ya iso, amma an sa wa zauren shiru, ko tsarin tattalin batir ya kwantar da manhajar.
☐ Mayar da ita kore:

```
curl -fsS "$HC_URL"
```

☐ A Uptime Kuma danna `Test` a kan kowace hanyar sanarwa. Duba kuma ko akwai mai gadin da aka dakatar lokacin gyara aka manta ba a tashe shi ba.
☐ Karanta ƙararrawar da ta yi kuka a makon. Kowace an san dalilinta? Wadda take kuka kullum ba dalili a gyara ta ko a cire ta, domin ita ce ke koya mana danne waya ba mu karanta ba.

Gwajin sama yana nuna cewa kuka yana isowa. Bai nuna cewa za ta lura da shiru ba. Saboda haka Litinin ta farkon kowane wata, tsayar da `gwaji.timer`, ka jira wa'adinsa da uzurinsa su wuce, ka ga ta yi kuka da kanta, sannan ka tashe shi. Saka tuni a wayarka kafin ka tsayar.

6. Ajiya

```
ls -lh /var/backups/farashi | tail -3
sqlite3 /tmp/gwaji.db "PRAGMA integrity_check;"
```

☐ Akwai kwafin daren jiya, girmansa kusa da na shekaranjiya.
☐ Kwafe shi zuwa `/tmp/gwaji.db` kafin umarni na biyu. Amsa `ok`. Buɗe shi ka ga farashin jiya a ciki, sannan ka goge.
☐ Kwafin da ke wajen saba shi ma na wannan makon ne.

7. Mako mai zuwa

☐ Akwai Sallah, hutu, ko ranar da kasuwa ba za ta ci ba? A shirya saƙon sanarwa, don kada injin ya tura tsohon farashi.
☐ Wakilin kasuwa yana da data, wayarsa lafiya.
☐ Wanda ke riƙe da ƙararrawar dare ya san makonsa ne.

Rufewa

Rubuta layi ɗaya a rajista: kwanan wata, sunanka, abin da ya faɗi, wanda ya ɗauki gyaran, da ranar da za a gama. Ga yadda na makon jiya yake: "An duba duka. Tes ya rabu biyu ranar Laraba saboda ɗ a sunan kaya, an gyara. Mutum ɗaya bai ji ƙararrawa ba, an cire shiru a wayarsa, an sake gwadawa ya ji."

Idan matsalar ta shafi saƙon gobe, kira mai kula da saba a waya yanzu, kada ka bar masa rubutu kawai. In ba a samu gyara kafin la'asar ba, mai duban mako ne zai tura farashin gobe da hannu, ƙarfe 7:00, daga fayil ɗin `hannu.txt`.