Rahoton Raunin Ma'aikaci a Bakin Aiki

Sashen Kula da Ma'aikata,
Masana'antar Casar Shinkafa,
Sharaɗa, Kano.
17 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Manajan Reshe,
Asusun Inshorar Ma'aikata na NSITF, Kano.

Ranka ya daɗe,

Muna sanar da ku raunin da ma'aikacinmu Malam Habibu, mai katin aiki lamba 0147, ya samu ranar Talata 14 ga Janairu, 2025. Mun kawo rahoton cikin kwana 7 da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba mu. Shekarunsa 34, kuma tun watan Maris na 2021 yake tuƙa injin casa na biyu.

Da misalin ƙarfe 10:40 na safe, ɓuntu ya toshe mazurarin injin. Ya kai hannu zai kashe shi, sai bel ya kama hannun rigarsa ya ja hannunsa na dama. Da murfin kariyar bel ɗin yana wurinsa, da hakan ba ta faru ba. An cire shi ranar Litinin wajen canza bel, aka tashi aiki ba a mayar ba. Wannan sakacinmu ne, ba nasa ba.

Mutum biyu suka gani. Malam Isuhu (kati 0092), mai ɗinkin buhu, yana tsaye kamar taku huɗu daga wurin, shi ya kashe wutar injin. Malam Tasi'u (kati 0031), shugaban masu aikin safe, shi ya ɗaure hannun da bandeji ya kai shi asibiti. Isuhu ya rubuta 10:30, Tasi'u ya rubuta 10:40. Mun bar bayanin kowa yadda ya sa masa hannu, amma littafin injin ya nuna 10:40.

An karɓe shi a Asibitin Ƙashi na Dala da ƙarfe 11:25. Hoto ya nuna karaya a manuniya da yatsar tsakiya, ga yanka a bayan hannu da aka yi wa ɗinki 8. An yi masa allurar tatanus, an ɗaure yatsun, likita ya ba shi hutun mako 6. Zai koma asibiti ranar 28 ga Janairu. Likita ya rubuta cewa sai an kwance ɗaurin za a san ko manuniyar za ta riƙa lanƙwasuwa kamar da, don haka muna roƙon kada a rufe fayil ɗinsa kafin rahoto na biyu.

Albashinsa na wata naira 105,000 ne: tsurar albashi 78,000, kuɗin gida 15,000, kuɗin mota 12,000. Kuɗin ƙarin lokaci kuwa 9,000 a Oktoba, 14,500 a Nuwamba, 11,000 a Disamba. Mun biya ku gudummawar kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata har zuwa Disamba 2024.

Haɗe da wannan takarda akwai bayanan shaidun, rahoton likita, hoton ƙashi, takardun albashin wata uku, da rasidan asibiti na naira 64,300 da muka biya.

Naku,
Hajiya Rabi
Jami'ar Kula da Ma'aikata