Shawarar Sauya Bulon Siminti da Bulon Jar Ƙasa a Ginin Azuzuwa Shida, Kumo

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ginin Makarantar Unguwa, Kumo, Ƙaramar Hukumar Akko
Daga Injiniya mai duba aikin
10 ga Nuwamba, 2025

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

A zaman da ya gabata kwamiti ya ce in duba inda za a rage kuɗi ba tare da an taɓa lafiyar ginin ba. Rodi da kankare da kwanon rufi ban yarda a kusance su ba. Bango ne kaɗai na ga yana da wurin ragi. Shawarata ita ce a bar bulon siminti mai inci tara, a koma bulon jar ƙasa da ake cuɗawa da siminti kaɗan, a matse shi da inji, irin mai shiga cikin juna, wanda ba ya buƙatar kwaɓi tsakanin layi da layi. Ginshiƙai da lintar da ta kewaye ginin suna nan yadda aka zana su.

Ga lissafin, bisa farashin da na karɓo a makon jiya, buhun siminti a kan ₦10,000. Bangon duka murabba'in mita 800 ne. A tsarin farko, bulo 8,400 a kan ₦750 ya kama ₦6,300,000, kwaɓi da ladan birkila ₦2,000,000, filasta ciki da waje ₦4,800,000, fenti ₦2,400,000. Jimilla ₦15,500,000.

A sabon tsarin, layi biyu na ƙasa, murabba'in mita 120, za su zauna da bulon siminti da filastarsu, ₦2,325,000. Sauran 680 na buƙatar bulon jar ƙasa 27,000 har da na asara. Idan siminti ya zama kashi 7 cikin ɗari na haɗin, buhu ɗaya zai ba da bulo kamar 65, wato buhu 415, ₦4,150,000. Jar ƙasa tifa 30, ₦1,350,000. Hayar inji, dizal, ruwan tanka da leburori ₦2,100,000. Jera bulo ₦1,020,000. Man kare bango daga ruwa, ciki da waje, ₦950,000. Gwaji ₦250,000. Ƙara tsawon bakin rufi daga santimita 60 zuwa 90, ₦650,000. Jimilla ₦12,795,000. Abin da zai rage a asusu ₦2,705,000 ne, kusan kashi 17 da rabi na kuɗin bango. Ya kusa isar mana bencinan azuzuwa uku.

To amma ina roƙon kwamiti ya lura da inda rarar ta fito, don a nan maganar take. Bulon kansa bai fi na siminti araha ba. Ragin duka daga barin filasta da fenti ya zo. Na san mutanenmu: ana gama gini wani zai zo ya ce ajin ya yi duhu, ko ya ce makaranta ta yi kama da gidan ƙasa na ƙauye, a shafe ta. Ranar da aka yi filasta da fenti a ciki kaɗai, an ƙara ₦2,585,000, rarar ta dawo ₦120,000. Wahalar ba ta biya ba ke nan. Idan kwamiti ya san zuciyarsa ba za ta jure ganin jan bango ba, gara a faɗa tun yanzu mu ci gaba da tsarin farko. Maganar duhu kuwa gaskiya ce, jan bango yana shanye haske. Maganinta mai sauƙi shi ne a shafa farar ƙasa kai tsaye a ciki, a riƙa sabuntawa lokacin dogon hutu.

Sai batun ƙarko. Ban ɓoye ba, bangon siminti mai filasta ya fi jure ruwa da duka. Na je na duba wani ɗakin shan magani da aka gina da irin wannan bulon shekara takwas da suka wuce. Daga taga zuwa sama bangon lafiya lau yake, kamar jiya aka jera. Amma a gindin bangon gabas, inda ruwan kwano ke faɗowa ya fantsamo, na sa farce na kankare, ƙasa ta zubo mini a tafin hannu. Ba su yi masa layin siminti a ƙasa ba, bakin rufin kuma gajere ne. Shi ya sa na sa waɗannan biyun a lissafi, kuma ba abin cirewa ba ne. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, don haka ina so a ware ₦450,000 daga cikin rarar, idan damina biyu ta nuna bangon gabas na ci, a yi masa filasta shi kaɗai. Man waje ma sai an sake shi duk bayan shekara uku ko huɗu, kusan ₦480,000 a farashin yau. Fenti ma yana buƙatar sabuntawa, sai dai bangon siminti in an yi sakaci muni kawai zai yi, wannan kuwa lalacewa zai fara.

Yara kuma yara ne. Kusurwar ƙofa za ta sha gogar benci, wani zai zana sunansa da ƙusa. Gyaran bulon da ya gutsure a tsakiyar bango ya fi na siminti wuya, tabon kuma ba ya ɓoyuwa. Abin da za a samu a madadin haka shi ne sanyi: bulon cikakke ne, ba rami, zafi na daɗewa kafin ya ratsa shi. Malamin da ke koyarwa da azahar a watan Afrilu zai ji bambanci.

Haɗari mafi girma a wajen bugawa yake. Ba kowace ƙasa ke yi ba. Baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda ake samu a sassa da dama na jihar Gombe, ba ta shiga wannan aiki ko kaɗan. Na ɗebo jar ƙasa daga ramin da muke sa ran saya, na zuba a gorar roba da ruwa, na girgiza na ajiye ta kwana. Yashi da tsakuwa suka kwanta a ƙasa, laka ta yi siririn layi a sama, alama ce mai kyau. Amma gora ba ɗakin gwaji ba ce. Ga hunturu ya kawo jiki, iskarsa tana busar da bulo kafin siminti ya kama. Dole a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafa ruwa kwana 14, kuma ruwa a Kumo saye ake yi. Lebura ɗaya ya rage kwanon siminti da rana tsaka, bulo ɗari sun tashi aiki, ido kuma ba zai gane ba sai damina.

Saboda haka ba na neman amincewa gaba ɗaya yau. A ba ni izinin buga bulo 300 na gwaji. Bayan kwana 28 a kai goma ɗakin gwaji na sashen injiniyan gine-gine a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, biyar busassu, biyar an jiƙa su awa 24. Sharaɗina shi ne a ƙarfin ɗaukar nauyi busasshe ya kai 3.5 N/mm², jiƙaƙƙe kada ya gaza 2 N/mm². In sun faɗi, asararmu ba ta wuce ₦350,000 ba, mu koma bulon siminti. In sun ci, injin na buga kamar 1,500 a rana, kwana 18 ke nan, kuma gaba ɗaya aikin zai yi jinkirin kamar mako shida. Za mu cike lokacin da harsashi da ginshiƙai, a rufe kwano kafin ruwan farko na watan Mayu. Birkilolinmu ba su taɓa jera irinsa ba, mai injin ya yarda ya ba mu mutum ɗaya ya zauna da su makon farko, kuɗinsa na cikin hayar.

Ina buƙatar amsar kwamiti kafin Juma'a, 21 ga Nuwamba, don mai injin ya ce bayan nan zai tafi wani aiki a Dukku.

Allah ya ƙara girma.

Injiniya mai duba aikin