Takardar Sallama: Komawa Gida Bayan Toshewar Jijiyar Zuciya

Sashen Masu Ciwon Zuciya, Jos

Alhaji, barka da samun sauƙi. Ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciyarka jini ce ta toshe, wani ɓangaren naman zuciyar ya ji rauni. Raunin kan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya warke. Kwanciya wuni guda ba ta taimaka masa, garaje kuma yana iya mayar da hannun agogo baya. Tafiya a ƙasa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ita muke so.

Mako na 1: zagaya tsakar gida na minti 5, sau 3 a rana. In ruku'u da sujada suna sa ka haki, yi sallah a zaune.

Mako na 2: minti 10, safe da yamma, a ƙofar gida, wani na tare da kai.

Mako na 3 da na 4: minti 15, sannan 20. Kana iya takawa zuwa masallacin unguwa in hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Garin nan tudu da gangare ne, don haka a bar hawan tudu tukuna.

Mako na 5 da na 6: minti 25 zuwa 30, kwana 5 a mako.

Ma'auninka shi ne numfashi. In kana tafiya kana hira ba tare da maganarka ta yanke ba, daidai kake. In ta fara yankewa, rage sauri. Ranar da ka tashi a gajiye, koma adadin makon baya, ba komai. Kada ka fita da ka gama cin abinci, bari a yi awa 2. Sanyin asubar Jos yana matse jijiyoyin jini, musamman da hunturu. Jira rana ta fito, ka sa rigar sanyi.

Har mako 6, ban da ɗaukar jarkar ruwa ko buhu, tura mota da noma. Tuƙi, azumi da kusantar iyali, a yi magana da likita tukuna. Kada kunya ta hana ka tambaya.

Sha magungunanka kullum ko ka ji garau, musamman asfirin da sauran na hana jini daskarewa. Taba sigari, a rabu da ita ɗungurungum. Hajiya, a rage gishiri, dunƙule da kitse a miya.

In ƙirji ya yi nauyi ko zafi, ko zafin ya sauka hannu ko muƙamuƙi, ko gumi mai sanyi ya karyo, tsaya ka zauna. Sa maganin ƙarƙashin harshe, ka jira minti 5. In bai lafa ba, a kira 112 ko a kawo ka asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada ka tuƙa kanka.

Ganin likita: Talata ta mako na 2, ƙarfe 9 na safe. Taho da wannan takarda da duk magungunanka.