Bidiyon Suna

Ƙarfe sha ɗayan dare, Bilkisu na zaune bakin gado da wayarta. Yau aka yi sunan ɗan yayanta a nan inda take karatu, ita ce kuma ta ɗauki bidiyon. Minti 9, megabait 600. Hajiya tana gida tana jira tun la'asar, ga sabis ɗin garinsu sai an tsaya jikin taga yake kamawa.

Ta fara da yanka. Jawabin abokin yaya ya tafi, dama ya cika surutu. Wajen rabon abinci ma ta cire. Da ta iso inda liman ya raɗa sunan, jaririn ya yi atishawa kowa ya tuntsire da dariya, sai ta ɗage yatsa.

Ta sauke shi daga 1080p zuwa 480p. Fuskoki suka ɗan dushe, adon lallen mai jego ya koma dishi-dishi, amma murya tana nan raɗau. Megabait 18.

Ta tura. Da'irar ta yi ta juyawa kamar ba za ta cika ba.

Sai da asuba saƙon murya ya shigo.

"Bilki, sau huɗu na kalla. Hancin Malam ne sak! Amma wa ya ɗaura miki ɗankwalin nan a karkace?"