Gaisuwar Ƙaramar Sallah ga Zuri'ar Marigayi Malam Haruna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Hajiya Kaka, barka da Sallah. Baffa Sani, Baffa Lawal, Goggo Rabi, Goggo Asma'u, kawunnanmu da suka yo tattaki, iyayenmu mata, surukai, yayye da ƙanne, da maƙwabtan da suka daɗe da zama 'yan gida, barkanmu da Sallah, barkanmu da shan ruwa. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ni ce Sa'adatu, 'yar Lawal. Baffa Sani ne ya ce in rubuta gaisuwar bana in karanta a madadin jikoki, kuma maganarsa ba abin ƙi ba ce.

Yau 1 ga Shawwal, shekara ta 1446 bayan Hijira. Azumi 29 muka yi, Allah Ya nuna mana ƙarshensa muna da rai da lafiya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗa mana cewa mai azumi yana da farin ciki biyu, ɗaya idan ya buɗe baki, ɗaya ranar da zai gamu da Ubangijinsa. Na farkon mun ɗanɗana shi kowace magariba, yau kuma ga shi ya cika mana gida. Na biyun muna roƙon Allah kada Ya hana mu.

Kowa a nan ya san abin da ke ransa tun safe, don haka ba zan kewaye shi ba. Wannan ce Sallarmu ta farko babu Malam. Da aka sauko daga idi na ga yara sun nufi ƙofar ɗakinsa da gudu kamar yadda suka saba, sai da suka isa suka tsaya cak. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Hajiya Kaka, shekara 54 kuka yi tare. Mun ga haƙurinki a watannin nan, mun kuma ga yadda kika hana gidan nan yin sanyi. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya bar mana ke.

Akwai abin da nake so in nuna muku. Wannan littafin da ke hannuna na Malam ne, Goggo Rabi ta same shi a cikin akwatinsa. Da yawanmu mun sha ganin yana buɗe shi a goman ƙarshe, mun ɗauka lissafin kasuwa ne. Ashe sunayenmu ne. Kowane ɗa, kowace 'ya, suruki, jika da tattaɓa-kunne, kowa da layinsa da shekarar da ya shigo gidan. Da shi yake bin gidajenmu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Kun fitar da zakkar fidda kai? Mutum nawa kuka ƙirga?" Sa'i ɗaya ga kowane kai, wato mudun Annabi huɗu, babba da yaro, mace da namiji, kuma a ba da ita kafin a tafi idi don mabuƙaci ya wayi gari da abin sawa a baki. Idan ya ji an manta da jariri, sai ya ce a koma a sake awo. Wanda ya san hannunsa bai kai ba a shekarar, Malam yakan auna masa a ɓoye, ba wanda ya ji. Wasunmu sai da muka ga 'yar alamar da yake sawa a gefen suna muka gane.

Sunaye 63 ya bari a ciki. Akwai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, bai goge su ba, ya dai rubuta addu'a a gabansu. Akwai kuma wanda ya yi shekaru bai taka gidan nan ba, shi ma sunansa na nan daram, ba a ja masa layi ba. Ni dai wannan ne ya fi taɓa ni. Mutum zai yi fushi, zai yi nisa, zai daina ɗaga waya, amma a wurin Malam yana cikin ƙirga.

Jiya da daddare Baffa Sani ya ɗauki alƙalami ya ƙara suna biyu, Haruna ɗan Yaya Bashir, wanda muke kira Khalifa, da Fatima 'yar Anti Maryam. Mun zama 65. Shi ne kuma ya kira gida-gida ya yi tambayar nan da muka saba ji da muryar mahaifinsa. Baffa, mun gode. Nauyi ne babba, kuma ba za mu bar ka ka ɗauke shi kai kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Baffa Lawal, Babana, da Baffa Sani, ku yi mini afuwa idan na shiga maganar manya. Mu 'ya'yanku mun san an sami saɓani bayan rasuwa, ko harshe da haƙori ma sukan saɓa. Yau da safe mun gan ku a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, kuka kuma dawo tare kuna kabbara. Wallahi ba mu sami kyautar Sallah da ta kai wannan ba. Addini ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ba mu san wanda ya fara a cikinku ba, ba ma buƙatar sani. Duk wanda yake zaune a nan da wani ƙulli a zuciyarsa game da ɗan'uwansa, ga misali nan a gabansa, kada rana ta faɗi bai kwance shi ba. Ni ma wanda na ɓata wa, da sani ko da kuskure, ya yafe mini. Na yafe wa kowa.

Muna taya Usman da Zainab murnar azuminsu na farko cikakke, ko ɗaya ba su sha ba. Muna taya Aisha murnar saukar Alƙur'ani. Kawu Isa, da ka shiga azumi a gadon asibiti, yau ga ka zaune a cikinmu, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Yaya Nura da iyalinsa da karatu ya tsare a nesa, na san kuna jin mu ta waya, mun gaishe ku, gurbinku na nan.

Ga mai iko, Sitta Shawwal na jiranmu daga gobe, yau kam babu azumi. Kwana shida ne kacal, amma idan aka haɗa da Ramadan lada ya zama kamar na shekara, tunda kowane aikin alheri ninki goma ne. Masu ramuwa kuma kada a bari sai Sha'aban ya ƙarato.

Zumunta a ƙafa take. Goggo Asma'u ta rubuta gidaje bakwai na tsofaffi da marasa lafiya da ba su sami zuwa ba, matasa za su rabu kashi biyu bayan la'asar su je gaisuwa. Wanda bai ga sunan ɗansa ko matarsa a littafin nan ba ya sami Baffa Sani kafin ya tafi, a rubuta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya yaye wa masu bashi, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah Ya nuna mana ta baɗi.

Kawu Isa, bismillah, a yi mana addu'a.