Ajin Koyon Girki na Asabar da Lahadi a Agege

Assalamu alaikum 'yan uwana mata na Legas. Masu yawan tambayata sirrin masar da nake kai wa gidajen biki da suna, to ga dama ta samu. Ranar Asabar da Lahadi na ƙarshen watan nan zan buɗe aji a gidana da ke Agege, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, daga ƙarfe 10 na safe zuwa la'asar.

Asabar ta masa ce da miyar taushe. Shinkafar tuwo zan jiƙa tun daren Juma'a, amma daga nan komai da hannunki za ki yi: dafa ɗan kason da ake haɗawa da jiƙaƙƙiyar, niƙa, zuba yis, har zaman gaban tanda. Ƙullun Legas ba ya jira. Da ɗumin garin nan, in kika bar shi ya kwana yadda ake yi a gida lokacin hunturu, da safe tsami zai gaishe ki. Zan nuna miki yadda ake gane ya tashi, da ɗan ruwan kanwar da ke kashe tsamin ba tare da masar ta yi ja ba. Sai batun mai niƙa. Injin da ya gama markaɗa tattasai da attaruhu ba a zuba masa shinkafa sai an ɗauraye shi a gabanki, ko da zai ɓata rai. Miyar kuwa da kabewa da gyaɗa da alayyahu da 'yar yakuwa, ga daddawa ta gaske da ake kawo min daga Kano.

Lahadi dambun shinkafa da zogale, sinasir, da kunun gyaɗa. Bayan azahar mu zauna da biro da takarda, musamman masu son fara sana'a: mudu ɗaya masa nawa yake fitarwa, nawa gas da mai da roba suka ci, nawa za ki sa wa kula ɗaya. Da yawa abincinsu na da daɗi, lissafin ne ke cinye uwar kuɗin. Zan kuma faɗa muku abin da ya fi sauƙi a saro a kasuwar Mil 12 da wanda bai kai kuɗin motar ba.

Kuɗin kwana biyun naira 30,000, har da kayan haɗi, kuma abin da kika girka da shi za ki koma gida, maigida ya ɗanɗana. Ki zo da mazubi mai murfi.

Mutum 8 kawai zan ɗauka, saboda tanda biyu gare ni, ba na son wata ta ƙare a kallo. Mata zalla ne. Amaren da ke shirin tarewa, ku ma da ku.

Wadda ta ba da rabin kuɗi ita ta kama wuri. Ku yi min magana ta WhatsApp a lambar da kuka saba yin oda, zan turo kwatancen gidan. 'Yan Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, don Allah a yi sammako saboda gosulo, ƙarfe 10 za mu ɗora tukunya in sha Allahu.