Waƙar Sau 3 ta 'Yan Aji 2

Malama ta ja layin farko, yara su amsa na biyu da tafi.

Uku sau ɗaya, uku ne,
Duwatsun murhun Inna ne.

Uku sau biyu, shida,
Mun iya tun daga gida.

Uku sau uku, tara,
Kaza ta tono gara.

Uku sau huɗu, sha biyu,
Da miyar kuka tuwo ya ciyu.

Uku sau biyar, sha biyar,
Goma ce ta goya biyar.

Uku sau shida, sha takwas,
Rana ta ɓullo daga gabas.

Uku sau bakwai, ashirin da ɗaya,
Mu tafa hannu gaba ɗaya!

Uku sau takwas, ashirin da huɗu,
Awannin dare da yini sun haɗu.

Uku sau tara, ashirin da bakwai,
Zabuwa ta saka mana ƙwai.

Uku sau goma, talatin,
Sai sau huɗu ran Litinin!